Yadda Likita Zai Rubuta Taƙaitaccen Tarihinsa a Bayan Bangon Littafinsa na Farko

Likitoci da dama da suka kammala rubuta littafi sukan turo tambaya iri ɗaya: mai maɗaba'a ya ce a kawo tarihin marubuci da hoto na bayan bango, me za a rubuta, kuma nawa ne tsawonsa? Wanda ya iya rubuta shafi ɗari kan hawan jini sai ka ga ya kasa rubuta layi shida a kan kansa. Wani kunya ce ke hana shi, wani kuma sai ya ɗauko takardar neman aikinsa ya zube ta gaba ɗaya. Ga matakan da nake bi, a jere. Mu ɗauki misalin wata likitar yara a Kano, mu kira ta Dokta Wance, wadda ta rubuta wa iyaye littafi da Hausa kan renon yaro mai sikila. Duk bayanan da zan jingina mata na misali ne.

1. Fara sanin wanda zai juya littafin

Mutum ya ɗauki littafi a shagon littattafai a Sabon Gari, ko a teburin ƙaddamarwa, ya ga suna, ya juya baya. Tambaya ɗaya ce a ransa: wannan da ya rubuta, me ya sa zan yarda da maganarsa a kan wannan ciwo? Amsar wannan tambaya ita ce aikin tarihin bayan bango, ba wani abu ba. Duk jimlar da ba ta taimaka wajen amsa ta ba, wurinta cikin littafi ne ko a aljihunka.

Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka faɗa wa kanka wane ne mai karatun. Littafin Dokta Wance na uwa ce da ɗanta ke kwana yana kukan ƙashi. Wannan uwar ba ta san ma'anar FWACP ba, wato haruffan shaidar ƙwarewa da likita ke sawa bayan sunansa, kuma ba ta da bukatar sani. Abin da take son ji shi ne likitar yara ce, tana duba masu sikila, kuma ta daɗe tana yi. Da a ce littafin na ɗaliban likitanci ne a Jami'ar Bayero, da haruffan nan da sunan sashe da muƙamin koyarwa su ne a gaba. Idan kuma labarin ƙirƙira ko waƙoƙi likitan ya rubuta, rabin jimla ya ishi maganar likitanci, sauran a bar wa abin da ya haɗa shi da rubutu.

2. Nemi awon wurin kafin ka rubuta

Kira mai zana bangon ka tambaye shi girman littafin da filin da ya bar maka. Yawancin littattafan irin wannan a girman A5 ake buga su, wato faɗi milimita 148, tsawo 210. A wannan ɗan fili ne za a sa bayanin abin da littafin ya ƙunsa a sama, tarihinka da hotonka a ƙasa, sannan layukan lambar ISBN a kusurwa, ga kuma tambarin maɗaba'a. Idan an cire gefe da gefe da ake bari saboda yanka, abin da ke rage maka bai wuce sulusin shafi ba. Kalma 60 zuwa 90 ke shiga ciki ba tare da an matse ba.

Gargaɗi: idan ka kai kalma 200, mai zane ba zai ce maka komai ba. Zai ƙanƙanta haruffan ne har su shiga, kuma dattijon da ka rubuta wa littafin ciwon sukari ba zai iya karanta su ba. Ka ce masa kada girman harafi ya yi ƙasa da 9. Ka kuma nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa tun da wuri, domin idan ta zo bayan an gama zane, a filin tarihinka za a nema mata wuri.

Dogon tarihi yana da mazauni: shafin ƙarshe na ciki, ƙarƙashin "Game da Marubuci". Can za ka iya sa firamare da sakandare da malaman da suka rene ka.

3. Zube komai a takarda, sannan ka tankaɗe

Rubuta duk abin da ka sani game da kanka ba tare da zaɓe ba: inda aka haife ka, makarantu, shekarar kammala digiri, inda ka yi aikin koyon shekara ɗaya, bautar ƙasa, horon ƙwarewa, asibitocin da ka zauna, ƙungiyoyi, shirin rediyo in kana yi, iyali. Daga nan ka ɗauki biro ka zagaye huɗu kawai: aikin da kake yi yanzu da inda kake yin sa, shaidar karatu mafi girma da ta shafi littafin, abin da ya haɗa ka da wannan batu musamman, da abu ɗaya na rayuwa da zai nuna mutum ne ya rubuta.

Na ukun nan shi ne mafi tsada, kuma shi ne likitoci suka fi mantawa. Kowane likita yana da digirin likitanci, amma ba kowane likita ne yake zama a ɗakin duba masu sikila mako bayan mako yana amsa tambayoyin iyaye ba. Idan kana da irin wannan, shi za ka ba wuri mafi faɗi.

Mun saba da tarihin da ke farawa da "An haifi wane a unguwa kaza, ya yi karatun allo wajen malam wane, ya shiga firamare a shekara kaza", a bi shi tiryan-tiryan har zuwa yawan 'ya'ya. Tsari ne mai kyau a wurin walima da jawabin ƙaddamarwa, kuma ban raina shi ba. Amma a bayan bango, kafin a iso inda ka zama likita fili ya ƙare. Juya shi za ka yi: yau a farko, jiya a ƙarshe.

4. Jimlar farko: suna, aiki, wuri

Da bakin wani ake rubutawa, kamar wani ne ke gabatar da kai: "shi" ko "ita", ba "ni" ba. Wannan ma sauƙi ne ga mai kunya, domin bayani kake bayarwa, ba kirari kake yi wa kanka ba. Sunan ya zo daidai harafi da harafi da yadda yake a gaban bango. Idan a gaba an rubuta Muhammad, kada a baya ya zama Mohammed. Idan a gaba suna uku ne, a baya ma uku ne a ambaton farko, daga nan sai "Dokta wane" ko "shi" kawai.

Ka faɗi fili cewa kai likita ne. "Dokta" kaɗai ba ya wadatarwa, tunda mai digirin digirgir a tarihi ko Larabci shi ma da shi ake kiran sa, kuma a littafin lafiya mai karatu yana da haƙƙin sanin bambancin. Fanninka kuma ka faɗe shi yadda majinyata ke faɗa: likitan yara, likitan ƙashi, likitar mata da haihuwa, likitan ido, likitan ƙwaƙwalwa.

Kada ka haɗa "Dokta" a gaba da jerin haruffa biyar a baya cikin jimla. In littafin na abokan aiki ne, a sa haruffan sau ɗaya bayan suna, biyu ko uku mafi girma. In na jama'a ne, a fassara su zuwa magana: ta ƙware a fannin lafiyar yara a ƙarƙashin kwaleji kaza.

Gargaɗi mai nauyi a nan: kada ka rubuta matsayin da ba ka kai ba ranar da za a buga. Wanda ya ci jarrabawar kashi na ɗaya yana jiran kashi na biyu bai kammala ƙwarewa a kwalejin ba tukuna, ko ta ƙasa ce ko ta Afirka ta Yamma, komai kusancin jarrabawar. Haka nan samun shaidar kwaleji daban, naɗin babban likita mai kula da sashe a asibiti daban. Na farko karatu ne, na biyu muƙami ne da ake bayarwa da takarda. Abokan aikinka su ne za su fara karanta bayan bangon nan, kuma sun san matakin kowa. Faɗin "tana horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara" gaskiya ce mai daraja, ba ta rage wa littafi komai.

5. Cire duk abin da ke ƙamshin talla

Wannan shi ne inda tarihin likita ya bambanta da na sauran marubuta, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, MDCN, tana da kundin ɗa'ar aiki, kuma kundin ya hana likita tallata kansa da janyo majinyata ta hanyar yabon kai. Likita na iya rubuta littafi ya sa sunansa da shaidarsa, ba laifi. Matsala tana farawa ne idan bayan bango ya koma allon talla.

Ga abubuwan da nake gogewa duk inda na gan su. Kalmomin fifiko irin su "shahararren likita", "wanda ba shi da na biyu a Arewa", "gwanin gwanaye". Iƙirarin warkarwa, kamar "ya warkar da dubban masu ciwon sukari", wanda ban da kasancewarsa talla, ba gaskiya ba ne a ilimance, tunda ciwon sukari lallaɓa shi ake yi. Sai adireshin asibitinka na kuɗi da lambar waya da lokutan ganin likita. Idan kana son masu karatu su same ka kan maganar littafin, buɗe adireshin imel na littafin kaɗai, ko ka sa na maɗaba'a. Wanda ya sa lambarsa ta hannu a bango ya shirya amsa kiran neman magani da tsakar dare daga mutanen da bai taɓa dubawa ba, kuma ba a janye lamba daga littafin da ya riga ya bazu.

Kada ka ambaci majinyaci ta yadda za a gane shi, ko da yabo ne, ko da babban mutum ne da kake alfahari da ka duba shi. Kano gari ne da kowa ya san kowa. Unguwa da ciwo da shekara sun isa a gano gida.

Sunan asibitin da kake aiki gaskiya ce da za ka iya faɗa. Amma tambarin asibitin ba naka ba ne, kada ya hau bango sai da izini a rubuce, kuma kada jimlar ta nuna kamar asibitin ne ya fitar da littafin. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne, nuna wa shugaban sashenku rubutun kafin a buga, ko don ladabi.

Wani zai ce to in an cire yabo me ya rage? Abin da ya rage ya fi yabon ƙarfi. "Tana duba yara masu sikila tun 2015" ya fi "ƙwararriya ce ta gaske" shiga zuciya, domin na farko abu ne da za a iya bincikawa, na biyu kuwa kowa na iya faɗa.

6. Haɗa rubutun

Ga irin abin da Dokta Wance za ta fara kawowa:

"An haifi Dokta Wance, MBBS, FWACP, a unguwar Gwale cikin birnin Kano. Ta yi firamare da sakandare a Kano inda ta fito da sakamako mai kyau, sannan ta samu shiga Jami'ar Bayero. Ta halarci taruka da dama a ciki da wajen ƙasar nan. Shahararriyar likita ce mai tausayi da son taimakon al'umma, ta shafe shekara goma tana ceto rayuka. Ina fatan wannan littafi zai amfani al'umma. Tana da aure da 'ya'ya huɗu, kuma tana sha'awar karatu da tafiye-tafiye."

Duba abin da ya faru. An kai ƙarshe ba a ambaci sikila ba, ba a ce likitar yara ce ba, ba a faɗi inda take aiki ba. "Taruka da dama" ba ya nufin komai. "Ina fatan" ya ɓarke a tsakiya, bakin wani ya koma bakinta, kuma wannan kuskure ne da ke yawan faruwa idan an kwafo jimla daga gabatarwar littafin. "Shekara goma" kuma zai tsufa: littafi yana iya yin shekaru a kan kanta, don haka shekarar farawa ake sawa, ita ba ta canzawa. Yawan 'ya'ya ma haka yake, ga shi kuma sirrin gida ne da ba dole sai baƙo ya sani ba.

Ga shi bayan gyara:

"Dokta Wance likitar yara ce a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda take duba yara masu sikila tun shekarar 2015. Ta yi karatun likitanci a Jami'ar Bayero, sannan ta ƙware a fannin lafiyar yara a ƙarƙashin Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Tambayoyin da iyaye mata ke yi mata a asibiti, musamman kan zazzaɓi da ciwon ƙashi cikin dare, su suka sa ta rubuta wannan littafi da Hausa. Haifaffiyar Gwale ce, kuma a Kano take zaune da iyalinta. Wannan shi ne littafinta na farko."

Kalma 85 ce. Jimla ta uku ita ce zuciyarsa: uwar da ta karanta ta za ta ga darenta a ciki, ta san marubuciyar ta san halin da take ciki. Gwale ta zauna saboda tana gaya wa Bakano cewa 'yar gida ce, da Hausarsa za ta yi masa magana.

Game da jimlar ƙarshe, wasu na jin nauyin cewa littafin farko ne, sai su rufe da "ya rubuta maƙalu da dama". In kana da maƙalu a mujallun likitanci kuma littafin na ɗalibai ne, faɗe su a taƙaice. In ba haka ba, "littafinsa na farko" ya wadatar, ba tare da ban haƙuri ba. Kada ka yi alƙawarin littafi na biyu da suna. Sau da yawa ba ya fitowa, alƙawarin kuma yana nan a bango.

7. Ba mutum biyu su karanta

Na farko abokin aiki wanda ya girme ka a fannin, ya duba muƙami da sunan kwaleji da ko akwai abin da zai sa a ɗaga gira a taron sashe. Na biyu mutum irin wanda ka rubuta dominsa, ko yayarka ce ko maƙwabci. Karanta masa da baki, ka tambaye shi: wane ne wannan, me yake yi? In ya amsa daidai cikin jimla ɗaya, rubutun ya yi. In ya ce "wani babban likita ne dai", koma mataki na huɗu.

Harshen tarihin ya bi harshen littafin. Littafin Hausa da tarihin marubuci da Turanci yana gaya wa mai saye cewa wasu ake son burgewa, ba shi ba.

8. Hoto

Daga kafaɗa zuwa kai, fuska a fili, bango a bayanka ba hayaniya, hasken rana daga taga ya isa. Wayar hannu mai kyau tana yin aikin, ba dole sai an biya mai hoto ba. A buga shi kamar santimita 3 da 4, kuma mai zane zai nemi kaifin 300 dpi. Hoton da aka ɗauka kai tsaye ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Wanda ke fashewa shi ne wanda aka yanko daga hoton biki na mutum goma, ko aka ɗauko daga fuskar waya. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document don kada a matse shi.

Kada a ɗauka a cikin ɗakin majinyata, ko da daga nesa wani gado ya fito. Farar riga ko kayan gida duk daidai ne. Likitar da ba ta son hotonta a bango ta bar shi, filin ya koma wa rubutu. Ba sharaɗi ba ne.

9. A maɗaba'a: inda kuɗi ke zubewa

Rubuta tarihin ba ya cin ko kwabo. Kuskure a cikinsa ne ke da tsada, domin bango ne sashe mafi tsada a kowane shafi na littafi: kala huɗu, kwali mai kauri, ga ledar da ake shafe shi da ita. Harafi ɗaya da ya karkace bayan an buga yana nufin sabbin farantan bugu, sabon kwali, sabuwar leda, in kuma an riga an ɗinke littafin, sai dai a ɓare bango ko a liƙa takarda a kai, wadda kowa zai gani.

Don haka kada ka bari mai zane ya sake buga rubutun da hannunsa daga takarda. Tura masa shi a rubuce ya kwafa. Babban abin tsoro shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane nau'in harafin kwamfuta ke da su ba, sai ka ga sun koma ɗan akwati, ko sun fito da wata siffa daban da sauran, ko kuma mai zane ya mayar da su b da d da k don ya huta, "ƙashi" ya zama abin da ba ka nufa ba a bangon littafin likita. In da manhajar zane ta CorelDRAW yake aiki, bayan ka amince da rubutun ka ce ya yi masa Convert to Curves kafin a kai wata kwamfutar, don haruffan su daskare yadda suke. Ya ajiye kwafin da ba a daskarar ba saboda bugu na biyu.

Ƙananan haruffa farare a kan kala mai duhu sukan yi dishi-dishi idan farantan ba su hau juna daidai ba. Ya fi aminci a sa tarihin da baƙi zalla a kan fili mai haske. Rubutu ya nisanci bakin yanka da ƙashin bayan littafi da kusan santimita ɗaya.

Kada ka amince da bango a fuskar waya. Biya a fitar maka da gwaji ɗaya a takarda a ainihin girmansa, kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da sake bugu. Riƙe shi a nisan da ake riƙe littafi, ka karanta da ƙarfi kalma bayan kalma, ka gwada sunan gaba da na ƙashin baya da na tarihin, ka gwada lambar ISBN da wadda ke shafin haƙƙin mallaka. Sannan ka sa hannu da kwanan wata a jikin gwajin, ka ɗauki hotonsa, ka ce wa mai maɗaba'a da wannan za a buga, duk wani canji sai an sake nuna maka.